Kalmar da ta hana wani ma'aikaci barci a Gombe: me 'lesion' ke nufi a takardar sikanin?

Takardar ba ta wuce shafi ɗaya ba. Wani ma'aikacin gwamnatin tarayya mai shekara 46 da ke aiki a garin Gombe ya karɓe ta da yammacin wata Alhamis a wani ɗakin ɗaukar hoton ciki, ya buɗe ta tun kafin ya isa inda ya ajiye motarsa. Abin da ya kai shi wurin ba wani babban abu ba ne a ganinsa. Ya yi makonni yana jin zafi a saman cikinsa da kumburi bayan cin abinci, sai likitansa ya ce a yi masa sikanin don a duba ko akwai tsakuwa a matsarmama.

Matsarmamar lafiya ƙalau take, haka ma ƙoda da saifa. Amma a ƙarƙashin bayanin hanta akwai layi ɗaya da ya tsayar da shi cak: "Well-defined, homogeneous hyperechoic lesion in the right lobe, measuring 2.1 x 1.8 cm."

Mutumin ba baƙon Turanci ba ne, domin da shi yake rubuta wasiƙun ofis kullum. Sai dai bai taɓa cin karo da kalmar lesion a kan jikinsa ba. Ya nemi ma'anarta a wayarsa, ya haɗa ta da sunan hanta, kuma kafin ya gama karanta abin da ya fito, maganar ciwon daji ta cika masa ido. Nan take ya tuna wani kawunsa da ya rasu shekarun baya da ciwon hanta, cikinsa a kumbure, idanunsa sun koma rawaya.

Ranar Litinin ce ranar komawa wurin likita. A darare huɗun da ke tsakani bai faɗa wa matarsa komai ba. Ya riƙa lissafin abin da ya taru a asusun fanshonsa, da kuɗin makarantar 'ya'yansa, da gidan da bai gama ginawa ba a Tumfure.

Kalmar siffantawa ce

Da ya zauna gaban likitan, bai jira an tambaye shi ba. Ya ɗora yatsa a kan kalmar ya ce, "Likita, ka faɗa mini gaskiya, kansa ce?"

Likitan ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa kafin ya amsa. "Malam, wannan kalmar ba sunan wata cuta ba ce. Abin da take cewa kawai shi ne an ga wani wuri a hantarka da kamanninsa suka bambanta da na naman da ke kewaye da shi."

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, inda take nufin rauni ko lahani, kuma har yau ƙamus na iya fassara ta da miki ko rauni. A bakin likitoci ma'anarta ta faɗaɗa ƙwarai. Ƙurji a fuska lesion ne. Tabon tsohon tarin fuka da ya warke a huhu lesion ne. Ƙaramar jakar ruwa a ƙoda, da maruru a cikin hanta, da ƙarin mahaifa da mata da yawa ke rayuwa da shi, duk da wannan suna ake kiransu a takarda. Ciwon daji ma da shi ake fara kiransa kafin a tabbatar. Kalmar ta ƙunshi mafi sauƙin abu da mafi muninsa, don haka ita kaɗai ba ta iya faɗa wa mai karatu inda yake tsaye.

Likitan ya ba shi misali da farar shadda. Idan mutum ya hango ɗigo a jikin shadda daga nesa, abin da zai iya rantsewa a kai shi ne akwai ɗigo. Ko tawada ce, ko mai ne, ko ƙunar dutsen guga, ko kuwa tun a masaƙa zaren ya zo a haka, sai an matso an duba. Mai ɗaukar hoto yana kallon inuwar abu ne a allon na'ura, bai taɓa naman da hannunsa ba. Saboda haka yake zaɓar kalmar da ba ta yanke hukunci, sannan ya bi ta da siffofin da ya gani. A cikin waɗannan siffofin labarin yake, kuma su ne mara lafiya ke tsallakewa idan tsoro ya kama shi.

Abin da sauran kalmomin suka faɗa

Na'urar sikanin da sauti take aiki. Abin da ake gogawa a fatar ciki yana aika sautin da kunne ba ya ji zuwa cikin jiki, sannan ya saurari amsa-kuwwar da ke dawowa. Wurin da ya mayar da sauti da yawa yakan fito da haske a allo, wanda ya mayar da kaɗan ya fito da duhu, ruwa tsantsa kuwa ya fito baƙi wuluk domin sautin ratsa shi yake yi ya wuce. Kalmar hyperechoic da ke takardar ma'aikacin tana nufin wurin ya fi sauran hantar haske.

Daga nan likitan ya bi layin kalma bayan kalma. Well-defined na nufin abin yana da iyaka bayyananniya, ana iya zagaye shi da alƙalami ba tare da shakkar inda ya ƙare ba. Homogeneous na nufin cikinsa bai ɗaya ne, babu wani sashe mai duhu da wani mai haske. Girmansa santimita 2.1 ne a tsawo da 1.8 a faɗi, wato kusan tsawon ƙwallon dabino, a cikin hantar da nauyinta a jikin babban mutum yake kai wa kimanin kilo ɗaya da rabi. Kuma guda ɗaya ne tak.

Abu ƙarami, guda ɗaya, mai haske, mai santsin iyaka, wanda cikinsa bai ɗaya ne: waɗannan su ne sanannun kamannin wani abu da ake kira hemanjiyoma. Dunƙulen ƙananan hanyoyin jini ne da suka cukurkuɗe wuri ɗaya, kamar zaren da ya harɗe. Shi ne mafi yawan ƙarin hanta mara illa, ana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin ashirin da aka ɗauki hoton hantarsu yana da shi, kuma ya fi yawa a mata. Ba ya rikiɗa ya zama ciwon daji. Ƙarami irin wannan ba ya sa ciwo, ba ya buƙatar magani ko tiyata, kuma yawanci sai an je neman wani abu daban ake tuntuɓe da shi.

A ƙasan takardar ma, ƙarƙashin taken Impression, inda mai hoton ke taƙaita ra'ayinsa, an rubuta "Likely haemangioma." Ma'aikacin ya yarda cewa ya ga layin, amma bai san kalmar ba, sai ya ɗauka wani sunan ne na ciwon daji.

Likitan ya kuma nuna masa yadda takardar za ta kasance da abin wani ne daban. Da jakar ruwa ce, da an rubuta cewa baƙa ce a allo, mai siririn bango, kuma wannan ma yawanci ba abin damuwa ba ne. Da maruru ne, da akwai zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kuma magani na warkar da shi, wani lokaci tare da zuƙe mugunyar. Siffofin da ke sa likita ya gyara zama su ne iyaka mai gargada ko wadda ta ɓace cikin naman hanta, da duhun zobe kewaye da abin, da ciki mai gauraye, da samun su da yawa a warwatse, da kuma ƙaruwar girma tsakanin hoto da hoto. Babu ko ɗaya daga cikinsu a takardarsa.

Ma'aikacin ya sauke ajiyar zuciya, ya fara naɗe takardar. Likitan ya ce masa ya ɗan dakata.

Hantar wane ne?

Layin ƙarshe na takardar ya ce "Clinical correlation advised." Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin al'adar rufe rahoto, alhali saƙo ne daga mai hoton zuwa ga likitan da ya aiko da mara lafiya. Ma'anarsa ita ce a haɗa abin da hoton ya nuna da tarihin mutumin da gwajin jininsa, domin hoto iri ɗaya yana iya zama abu biyu a jikin mutum biyu.

A kan wannan akwai ƙa'ida sananniya, wadda Ƙungiyar Nazarin Hanta ta Turai ta fayyace a jagorarta ta 2016 kan ƙarin hanta mara illa. Idan abin bai kai santimita 3 ba, yana da kamannin hemanjiyoma, kuma hantar mutumin lafiyayya ce, bai taɓa yin ciwon daji ba, to sikanin kaɗai ya wadatar, a sallame shi. Idan kuwa mutumin yana da daɗaɗɗen ciwon hanta ko tarihin ciwon daji, sikanin bai isa ba, dole a ƙara da hoto mai zurfi. Dalilin shi ne ƙaramin ciwon dajin hanta a farkonsa yana iya fitowa da haske, da iyaka mai kyau, ya yi kama da hemanjiyoma a allon sikanin.

Wannan sharaɗi yana da nauyi a Najeriya. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 kan cutar ƙanjamau, wanda ya haɗa da gwajin ciwon hanta, ya gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Yawancinsu ba su sani ba, domin ƙwayar tana iya zama shekaru da dama a jiki ba tare da alama ba. A wannan yanki na duniya galibi tun a ƙuruciya ake kamuwa da ita, daga uwa lokacin haihuwa ko tsakanin yara a cikin gida, kuma tana kan gaba cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin hanta a Afirka ta Yamma. Sai a 2004 aka shigar da rigakafinta cikin alluran yara na yau da kullum a ƙasar nan, wato mai shekara 46 ya riga ya girma kafin nan.

Shi ya sa likitan ya jero tambayoyi. Ko ya rame ba tare da dalili ba? Ko ya taɓa yin shawara? Ko an taɓa yi masa ƙarin jini? Ko yana shan barasa, ko jiƙe-jiƙen gargajiya a kai a kai? Ko wani a danginsa ya yi ciwon hanta? A nan ne ma'aikacin ya ambaci kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa. Ya kuma ce bai taɓa yin gwajin ciwon hanta ba.

"Ban canza ra'ayina a kan hoton ba, Malam," in ji likitan. "Har yanzu ina ganin dunƙulen hanyoyin jini ne. Amma ba zan ce maka ka manta da shi ba sai na san halin da hantar take ciki."

Ya rubuta masa gwajin HBsAg, wanda ke nuna ko ƙwayar nau'in B tana cikin jini, da gwajin nau'in C, da na aikin hanta, da na AFP, wani sinadari da yakan ƙaru a jinin wasu masu ciwon dajin hanta.

Hoto uku cikin minti biyar

Sakamakon ya zo da abin da ma'aikacin bai zata ba. Yana ɗauke da ƙwayar nau'in B. Gwajin aikin hantarsa ya yi kyau, AFP ma bai haura ba. Sai dai likitan ya bayyana masa cewa kyawun AFP ba ya wanke mutum, domin da yawa daga cikin ƙananan ciwon dajin hanta ba sa ɗaga shi. Yanzu ya faɗa cikin rukunin da sikanin bai wadatar ba. Ga irinsa, duk abin da ya kai santimita 1 ko ya fi a hanta ana binsa da hoton CT ko na MRI wanda ake ɗauka bayan an sa wani ruwan haskaka hanyoyin jini ta jijiya.

An tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan titin Ashaka, wanda a da ake kira Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Da yake yana ƙarƙashin inshorar lafiya ta ma'aikata, sai da ya karɓi takardar turawa daga asibitin da yake rajista da lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da inshorarsa. Kafin ranar hoton an gwada ƙodarsa, domin ita ce ke fitar da ruwan daga jiki, aka kuma tambaye shi ko wani magani ya taɓa tayar masa da borin jini.

Hikimar wannan hoto tana cikin lokaci. Hanta tana samun jini ta hanya biyu: wata jijiya da ke kawo jini daga ɓangaren zuciya, da wata babba da ke kawo shi daga hanji. Ruwan da aka sa yana isowa ta hanyar farko da wuri, ta biyun kuma daga baya. Don haka ake ɗaukar hoto kimanin daƙiƙa 35 bayan allurar, a sake a wajen daƙiƙa 70, a kuma sake bayan minti uku zuwa biyar. Abin da ake kallo shi ne yadda wurin ke shan ruwan da yadda yake sakinsa.

Ciwon dajin hanta yana shan jininsa ne ta hanyar farko. A hoton farko yakan haska fiye da sauran hanta, sannan a na baya ya saki ruwan da sauri har ya fi kewayensa duhu. Hemanjiyoma kuwa a hankali jini ke ratsa ta. A hoton farko ɗige-ɗigen haske ne ke bayyana a gefenta, a na biyu su matso ciki, a na ƙarshe ta cika ta riƙe hasken. Idan an ga wannan tsari sarai, ba a buƙatar tsakuro nama don gwaji. Idan kuwa hoton bai fayyace ba, sai a koma ga MRI, wanda ya fi ƙwarewa wajen rarrabe irin waɗannan abubuwa.

A hoton ma'aikacin hasken ya fara daga gefe, ya shiga ciki, ya zauna. Rahoton ya sake amfani da kalmar lesion, amma wannan karon ya karanta har ƙarshe kafin zuciyarsa ta buga.

Abin da ya rage

Zafin cikin da ya kai shi sikanin tun farko ba shi da alaƙa da abin da aka gani. Likitan ya bi shi ta hanyar gyambon ciki, ya kuma yi sauƙi. Wannan ma darasi ne da ake yawan kuskurewa: samun abu a hoto ba ya nufin shi ne musabbabin ciwon da mutum ke ji.

Likitan ya gargaɗe shi a kan abu biyu game da hotunan da zai yi nan gaba. Na farko, idan wata rana aka auna abin aka samu santimita 2.3 maimakon 2.1, kada ya firgita. Bambancin milimita biyu ko uku yana iya fitowa daga hannun mai aunawa, ko kusurwar da ya riƙe na'urar, ko yadda mara lafiya ya riƙe numfashi. Na biyu, haske da duhu a sikanin gwadawa ake yi da naman da ke kewaye. Idan hanta ta tara kitse takan ƙara haske, sai hemanjiyomar da ke cikinta ta fito kamar mai duhu, wanda bai san tarihinta ba ya ɗauka sabon abu ne. Maganin duka biyun shi ne ya adana tsofaffin rahotanninsa da faifan hoton CT, ya riƙa tafiya da su duk inda za a duba shi. Ga ma'aikacin tarayya da ake iya mayarwa Abuja ko Fatakwal da takarda ɗaya, wannan ba ƙaramar shawara ba ce, domin fayil ɗin asibiti ba ya bin mutum zuwa sabon gari.

Babban aikin da ke gabansa yanzu yana kan ƙwayar nau'in B. Za a maimaita gwajin bayan wata shida don tabbatar da cewa ta zauna a jiki, a kuma auna yawanta a jini da lafiyar naman hantar. Daga nan ne za a san ko yana buƙatar fara shan magani irin tenofobir, wanda ke danne ƙwayar ya rage haɗarin lalacewar hanta, ko kuwa sa ido ya wadatar. Saboda shekarunsa da tarihin danginsa, zai riƙa yin sikanin duk bayan wata shida, domin ciwon dajin hanta da aka kama yana ƙarami ana iya yi masa aiki, wanda aka bari sai ciki ya kumbura kuwa galibi an makara. An faɗa masa alamomin da ba a jira da su: ramewa, rawayar ido, kumburin ciki ko ƙafa, aman jini ko baƙin bayan gida. An kuma hana shi shan duk wani haɗin da aka ce yana wanke hanta, domin wasu daga ciki su ne ke ƙara mata rauni.

A daren da ya dawo da sakamakon CT ne ya zaunar da matarsa ya ba ta labarin tun daga ranar Alhamis ɗin farko. Ta yi masa faɗan ɓoye mata da ya yi, sannan ta tambayi abin da ya shafe ta da yaran. A makon da ya biyo baya aka gwada ta da 'ya'yansu, aka fara yi wa waɗanda ba su da kariya allurar rigakafi. Ya kuma kira ƙannensa biyu da suke ciki ɗaya, ya ce kowannensu ya je a gwada shi.